Bashin Gaisuwa: Wa Ke Bin Wanda Aka Yi Wa Rasuwa?

Mahaifina ya rasu a Toranke da asubahin wata Talata, a tsakiyar damina, lokacin da gero ya kai gwiwa kuma kowane magidanci yake fama da ciyawa. Kafin hantsi ya dubi ludayi an yi masa sutura an kai shi makwancinsa. Da muka dawo daga maƙabarta sai muka tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka zaunar da ni tsakanin baffannina biyu, domin ni ne babba a cikin 'ya'yansa maza. Wayata tana cikin aljihu, tana ta motsi kamar an ɗaure ƙwaro a ciki. A daren rana ta uku na zauna na ƙirga abin da ya taru: saƙo 340, da kira 85 da ban samu ɗagawa ba. Na yi lissafi irin na ɗan makaranta. Idan kowane saƙo zai ci mini minti 2, in karanta shi in rubuta amsar da ta dace da mai shi, to ina bukatar fiye da sa'a 11, ban da kiran. Ga shi kuma tun da aka yi rasuwar ban yi barcin kirki ba.

Tambayar da ta tsaya mini a rai tun daga wannan dare ita ce: shin wanda aka yi wa rasuwa bashi ake bin sa na amsa kowace ta'aziyya da bakinsa ko da hannunsa? In bashi ne, ta yaya za a biya shi ba tare da an ƙarasa wanda mutuwa ta riga ta raunana ba? In kuwa ba bashi ba ne, me ya sa wanda bai amsa ba yake jin nauyi, wanda ba a amsa wa ba kuma yake jin an wulaƙanta shi?

Tarbiyyar da muka tashi da ita tana goyon bayan a amsa, kuma hujjarta ba ƙarama ba ce. Bahaushe ya ce wanda ya yi maka kan kara, ka yi masa na itace. Aya ta 86 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da a mayar da gaisuwa da wadda ta fi ta ko da kwatankwacinta, kuma akwai hadisi sananne da ya haɗa gode wa mutane da gode wa Allah. Mutumin da ya bar gonarsa a lokacin noma ya tako har ƙofarmu ya yi asarar yininsa saboda mu. Wanda ya sa katin da bai fi ƙarfin cefanensa ba ya kira daga Legas ko Fatakwal, shi ma ya ba da wani abu. Yin shiru ga irin waɗannan yana kama da butulci, kuma ni ba na cikin masu cewa baƙin ciki yana yafe wa mutum dukkan ladabi.

Sai dai ya kamata a tuna ma'anar kalmar kanta. Ta'aziyya a Larabci tana nufin haƙurtar da mutum da ƙarfafa masa zuciya. Ke nan tun daga asalinta abu ne da ake kai wa mai rauni domin amfaninsa. Lokacin da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya iso Madina daga yaƙin Mu'uta, a shekara ta 8 bayan hijira, Manzon Allah (SAW) ya umarci a dafa wa iyalinsa abinci, dalilin da ya bayar kuwa shi ne abin da zai shagaltar da su ya zo musu. Wannan dalili ya fi abincin kansa faɗi. An ɗauke wa masu makoki girki ne saboda hankalinsu ba ya tare da su. Idan har tukunya ta yi musu nauyi a waɗannan kwanaki, ban ga yadda za a ce rubuta amsa ɗari uku bai yi musu nauyi ba. Mun kiyaye zahirin hadisin da kyau: a kwanaki ukun nan ba a hura wuta a gidanmu ba, maƙwabta ne suka yi ta shigo da kwanukan tuwo da ƙwaryar fura. Amma a daidai lokacin da muke ɗauke wa masu makoki aikin murhu, muna ɗora musu wani aikin a tafin hannu, ba mu ma lura ba.

Na fahimci inda matsalar take ne da na kwatanta tabarma da waya. Dubi yadda zaman makoki yake gudana a ƙofar gida. Ayari ya iso, a ce mutum ashirin daga Ajingi ko daga Gaya. Su yi sallama, su tuɓe takalma, su zauna. Babbansu ya ce, “Ya muka ji da haƙuri?” Baffana ya amsa, “Haƙuri da godiya.” Wani malami a cikinsu ya ja addu'a, a yi salati, a karanta Ƙulhuwallahu, a shafa. Baffa ya ce, “Allah Ya ba da lada, Allah Ya bar zumunci.” Su tashi. Cikin minti biyar mutum ashirin sun yi ta'aziyya, an amsa musu, kowa ya tafi da gamsuwa, alhali ni da aka zo dominsa ban furta komai ba ban da amin. Ba wanda ya taɓa komawa gida yana cewa ɗan marigayi bai kula shi ba. Tabarmar tana raba nauyi ta hanyoyi uku da ba mu cika lura da su ba: baki ɗaya yana amsa wa jama'a a madadin jama'a, kalmomin a shirye suke tun kaka da kakanni don haka ba sai mai baƙin ciki ya nemo su ba, sannan zaman yana da iyaka, domin bayan kwana uku ana naɗe tabarmi kowa ya koma gonarsa.

Wannan tsari yana da tushe a fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu. Duk wanda ya sauke Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya san hukuncin da ke cikin babin sallama, cewa idan mutum ɗaya daga cikin jama'a ya amsa, ya isar wa sauran. Amsar wajibi ce, amma wajibi ne da ke kan taron, wanda malamai ke kira farilla ta kifaya. Ban ce ta'aziyya da sallama hukuncinsu ɗaya ba ne ta kowace fuska. Abin da nake cewa shi ne, idan gaisuwar da Alƙur'ani ya yi umarni da a amsa ta ma wakili yana isarwa a cikinta, to ba za a tsananta a kan ta'aziyya fiye da haka ba.

Waya ta warware duka ukun. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, ta bi hanya a hankali har ta iso ƙauyukanmu, nisa ya daina tace masu gaisuwa. A da, wanda yake Kurmi sai ya dawo gida zai zo ya yi ta'aziyya, ko ya ba direban mota wasiƙa. Yanzu duk wanda ya taɓa zama aji ɗaya da kai zai ga labarin a WhatsApp cikin sa'a guda, kuma saƙonsa zai zo maka kai kaɗai, da sunanka, ba baffa a gefe da zai amsa. Ba ya kuma ƙarewa da kwana uku. Mafi muni, wayar tana nuna wa mai aikowa cewa ka buɗe saƙonsa, don haka shirunka ya zama abin gani. Farillar da take kan jama'a ta koma kan mutum ɗaya, kuma mutumin shi ne mafi rauni a gidan.

Ni dai namiji ne mai sauran ƙarfi. Wadda abin ya fi ci ita ce Inna. Ta shiga takaba, wadda aya ta 234 a Suratul Baƙara ta ƙayyade wata 4 da kwana 10, tana zaune a ɗakinta mata sun kewaye ta. Duk wanda ya kira ɗaya daga cikinmu sai ya ce, “A ba ni Inna in yi mata gaisuwa.” Mu kuma sai mu miƙa, don kunyar a ce mun hana. Kusan kowane mai kira yana da tambaya guda: “Ashe haka abu ya faru? Ya yi jinya ne?” Sai ta soma daga farko, yadda ya ce ƙirjinsa na ciwo bayan lisha, yadda aka nemi mota, yadda ya cika kafin a tayar da ita. A rana ta biyu ƙanwata ta ƙirga, Inna ta ba da wannan labari sau 23 tsakanin azahar da magariba. Kowane mai kira sau ɗaya ya ji, ita kuwa sau 23 mijinta ya mutu a bakinta. Da daddare muryarta ta dishe, furar da aka dama mata tun rana tana nan a rufe, kuma da ta tashi alwala sai da aka riƙe ta. Alamomin da ya kamata mai lura ya kama ke nan: abinci yana kwana ba a taɓa ba, mutum yana amsa amin kafin a gama addu'a, yana tambayar wanda ya fita yanzu ko wane ne. Babu ɗaya daga cikin masu kiran da ya nufe ta da sharri, kuma wannan ne ya sa abin yake da wuyar hanawa.

Gwaggona, yayar mahaifina, ita ta kawo ƙarshen abin. Ta karɓe wayar Inna ta ɗaure a bakin zaninta, ta ce da ni, “Kai, yaron nan, so kuke ku binne biyu a mako ɗaya?” Daga nan duk wanda ya kira, Gwaggo ce ke ɗagawa. Takan ce, “Tana jin ka, ta gode, Allah Ya ba da lada. Ba ta iya magana yanzu.” Wanda ya tambayi yadda aka yi, ta ba shi a taƙaice: gajeriyar rashin lafiya, kwana ya ƙare. Gwaggo ba ta taɓa shiga aji ba, amma abin da ta yi shi ne ta mayar da tabarma cikin waya. Na lura kuma ba wanda ya yi fushi. Mutane suna karɓar wakili cikin sauƙi idan wakilin babba ne kuma ya ambaci sunansu. Abin da ba sa karɓa shi ne shiru.

Na ɗauki darasi daga gare ta, muka tsara sauran. Ƙanena, wanda ya fi ni saurin hannu, ya karɓi wayata da rana, yana ɗaga kira yana rubuta sunan duk wanda ya kira a littafin makaranta mai shafi 40. Inna muka ware mata lokaci ɗaya, bayan la'asar, ta yi magana da mutum biyar ko shida da ita kanta ta zaɓa, yawanci 'yan'uwanta na jini. Bayan an naɗe tabarmi na rubuta godiya ɗaya da sunan gidan gaba ɗaya, muka aika wa kowa, na kuma karanta ta da murya saboda waɗanda ba sa karatun boko. Ga abin da ta ƙunsa: “Assalamu alaikum. Saƙonku na ta'aziyyar mahaifinmu ya iso, mun gani, mun gode. Yawan jama'a da halin da muke ciki ne suka hana mu amsa wa kowa shi kaɗai, muna roƙon afuwa. Duk wanda yake bin marigayi bashi, ko yake da wata magana tsakaninsa da shi, ya tuntuɓi baffanmu. Allah Ya ba da lada, Ya bar zumunci.” Wannan ba sabon abu ba ne. Tun kafin waya iyalai suna kai sanarwar godiya gidan Rediyon Kano bayan rasuwa, a karanta wa duniya a lokaci ɗaya, kuma ba a taɓa ɗaukar hakan rashin ladabi ba.

Da a nan labarin ya tsaya, da na ce na warware tambayata: amsa haƙƙi ce, amma haƙƙi ne a kan gida, kuma wakili da godiya ta bai-ɗaya sun sauke shi. Na yi kusan mako biyu ina jin daɗin wannan amsa kafin in gane inda ta gaza.

Akwai wani dattijo a Gaya, abokin mahaifina tun suna samari suna bin kasuwanni da kayan koli. Ciwon ƙafa ya zaunar da shi shekaru, bai iya zuwa jana'iza ba. Jikansa ya riƙe masa waya ya yi mini saƙon murya na minti 4. Na ga tsawonsa, na ce sai na samu sukuni, sai ya nutse a ƙarƙashin ɗaruruwan da suka biyo baya. Godiyar bai-ɗaya ta je masa kamar yadda ta je wa kowa. A ranar da na aika ta kuwa, na zauna na rubuta amsa ta musamman, mai tsawo, ga shugabana na wurin aiki da wasu manya biyu da ba su taɓa ganin mahaifina ba. Ban shirya yin haka ba. Hannuna ne ya bi inda yake tsoro da inda yake kwaɗayi, kuma ina zaton ba ni kaɗai ke da irin wannan hannu ba.

Kuskuren da na yi shi ne na ɗauka duk masu aiko da saƙo iri ɗaya ne, wato masu ba da haƙuri. Mafi yawansu haka suke, kuma su godiya ɗaya ta ishe su, domin sun yi don Allah, ladansu ba ya jiran amsata. Wanda ya yi ta'aziyya sannan ya zauna yana duba ko an amsa, har ya ƙullaci maraya, to ya binciki niyyarsa, wataƙila shaidar halarta yake nema. Na faɗi haka ina sane da cewa ni ma na taɓa yi. Amma a cikin kowane ɗari uku akwai mutum goma ko goma sha biyar da su ma rasuwar aka yi musu, sai dai ba su da tabarmar da za a zo a same su a kai. Abokin shekara hamsin, da almajirin da marigayi ya riƙa, da matar da yake kai wa hatsi a ɓoye duk kaka. Saƙon irin waɗannan yana zuwa da siffar ta'aziyya, alhali su ne masu bukatar a yi musu. Aika musu godiyar da aka aika wa kowa daidai yake da gaya musu cewa su baƙi ne a wannan mutuwa.

Saboda haka rarrabe masu gaisuwa ba laifi ba ne, tilas ne ma, tun da ƙarfin mai makoki kaɗan ne kuma dole a san inda za a kashe shi. Laifin yana ga ma'aunin da aka yi amfani da shi. Ni na auna da muƙami. Abin da ya kamata in tambaya game da kowane suna a littafin nan shi ne: me wannan mutum ya rasa da mutuwar nan? Amsar wannan tambaya kuwa ba ta wurin matasa masu riƙe da waya. Inna da Gwaggo ne suka san ta. Da muka karanta musu sunayen bayan sadakar bakwai, cikin rabin sa'a suka fitar da mutum 14, kuma fiye da rabinsu ban san alaƙarsu da mahaifina ba. Su waɗannan ba gaggawa suke bukata ba. Ana iya bin su ɗaya bayan ɗaya har zuwa arba'in, wasu da kira, wasu da ƙafa, tun da an ce zumunta a ƙafa take.

Akwai kuma dalili na biyu da ya sa ba za a bar saƙonni ba a saurara ba, ko da ba za a amsa kowanne ba. A wurin jana'iza ana shelar cewa mai bin mamaci bashi ya yi magana, domin ayoyin gado a Suratun Nisa'i sun sa biyan bashi da wasiyya gaba da rabo. Amma mutanenmu suna da kunya. Da wuya mutum ya miƙe a gaban gawa ya ce yana bin ta kuɗi. Sai ya saƙa maganar a ƙarshen gaisuwa, bayan doguwar addu'a, da kalmomi irin su “akwai 'yar magana tsakaninmu, amma ba ta gaggawa ba ce.” Wakilin da aka ba waya aikinsa bai tsaya ga cewa amin ba, sai ya saurari kowane saƙo har ƙarshe, ya ware irin waɗannan ya kai wa manya.

Saƙon dattijon nan na Gaya sai a rana ta 16 na saurare shi, bayan Inna ta ambaci sunansa a farkon mutum 14 ɗin. Minti uku na farko addu'a ce da kuka. A na ƙarshe ya ce mahaifina ya ba shi ajiyar kuɗin buhun gyaɗa biyu tun bara, yana so a zo a karɓa kafin shi ma tasa ta zo. Washegari na hau babur na tafi. Na same shi a zaure a kan buzu, ƙafar a miƙe. Na durƙusa na gaishe shi, na soma ba da haƙurin jinkirin da na yi.

Ya ce, “Saƙonka ya zo, yaro ya kunna mini. Na ji kana cewa mai bin bashi ya nemi baffanka. Na ce to, ni da ake bi fa, wa zan nema?”

Na ce, “Baba, a yafe mini. Ban saurari naka ba sai jiya.”

Ya yi shiru, sannan ya sa hannu ƙarƙashin buzun ya jawo wani ƙullin leda da aka naɗe da tsumma, ya ajiye a gabana bai ƙirga ba. Na yi masa ta'aziyya kamar yadda ake yi wa ɗan'uwan mamaci, na ce, “Baba, ya muka ji da haƙuri?” Sai ya rufe fuska da hannun riga. Da ya natsa, ya tambaye ni ko mahaifina ya taɓa ba ni labarin ranar da jakinsu ya kwanta a tsakiyar rafi da kayan mutane a kansa, suna hanyar kasuwar Wudil. Na ce bai taɓa ba. Ya gyara zama, ya aiki jikan ya kawo mini ruwa, ya ce in saki jiki domin labarin yana da tsawo.